Yadda ake zaɓen safa da kayan ciki a zafin Legas

Duk wanda ya taso a Arewa ya san ƙa'idar zafi guda ɗaya: ka sa auduga. A Kano ko Sakkwato maganar ba ta da gyara. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40, amma iska a bushe take, gumi na fita yana bin iska, singiletin da ya jiƙe kafin azahar ya bushe a jikinka kafin la'asar. To, Legas ba haka take ba. Nan da wuya zafi ya wuce digiri 34, sai dai danshin iska da safe yakan haura kashi 80 cikin 100 kusan duk shekara. Iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta karɓar naka. Gumin da ya fito maka a tashar Agege shi za ka kai Obalende, har da ƙari.

Na daɗe ina sayar da safa da singileti da gajeren wando, ina saro su a Balogun da Idumota, kuma abin da na gani a jikin masu saye shi ne ƙa'idar nan ta gida rabinta kawai ke aiki a nan. A kayan ciki auduga ce gaba har yanzu, in an zaɓi marar kauri. Amma a ƙafar da za ta wuni cikin rufaffen takalmi, safar auduga zalla ita ce kan gaba wajen jawo cin ruwa da wari. Bari in bi abin daki-daki, yadda nake yi wa wanda ya zauna a bencin shagona.

Mataki na farko: ka san halin zaren

Kowane zare yana da yadda yake yi da ruwa, kuma a nan duk maganar take. Auduga shan ruwa take yi cikin jikinta ta riƙe. Busasshiyar auduga mai nauyin giram 100, in ka ajiye ta a ɗaki, za ta ja ruwa kamar giram 8 daga iska kawai, ba tare da ta yi alamar jiƙa ba. Foliyesta, wanda muke ce wa yadin roba, ko rabin giram ba ya ja. Nailan yana jan kamar giram 4. Biskos, zaren da ake yi da itacen da aka narkar, ya fi auduga sha, wajen giram 12, ulu kuma ya fi su duka.

Shan ruwan auduga alheri ne a inda iska ke ratsawa, domin tana kwashe gumi daga fata, iska kuma ta kwashe daga gare ta. A cikin takalmi kuwa babu iskar da za ta karɓa. Sai ta sha ta cika, ta kwanta a jikin fata kamar tsumman goge-goge, ta yi nauyi, ta tattare a ƙarƙashin yatsu. Fatar da ta wuni a jiƙe takan yi laushi ta yi fari, kamar hannun wanda ya daɗe yana wanki, kuma irin wannan fatar ce ke saurin yin bororo da tsagewa.

Zaren roba shi ba ya sha, sai dai ruwa ya bi ta tsakanin silinsa. In an saƙa shi domin haka, kamar safar 'yan wasa, yakan janye gumi daga fata ya watsa shi waje, ya kuma bushe da wuri. In kuwa saƙar banza ce, irin siririyar safar nan mai sheƙi da santsi da ake tallarta a cikin cunkoson motoci, to bai sha ba, bai kuma janye ba. Ƙafa na iyo a ciki kamar an sa ta a leda. Aibin zaren roba, ko mai kyau ne, shi ne riƙe wari: maiƙon jiki yana maƙale masa, kuma wanki da ruwan sanyi ba ya fitar da shi duka.

Akwai wanda ake rubuta wa bambu, wato gora, ana tsawwala masa kuɗi. Biskos ne aka yi da itacen gora da aka narkar, ba wani abu ba. Yana da laushi da sanyi a jiki, yana shan gumi sosai, amma yana da nawar bushewa, kuma in ya jiƙe ƙarfinsa na raguwa, shi ya sa diddigen irin wannan safa ke saurin hujewa. Modal ɗan'uwansa ne, sai dai ya fi shi jure wanki.

Mataki na biyu: gwaji a kasuwa

Ka fara da karanta ɗan ƙyallen da ke jiki ko takardar da aka naɗe kayan da ita. Za ka ga kason kowane zare. Wanda ake rubutawa ilasten ko sifandes ko laikira duk abu ɗaya ne, shi ne ke sa yadi ya miƙe ya koma. Kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ya isa. In ya wuce 10, kayan matse jiki ne, ba na zafi ba.

Sai dai rubutu ba ya rantsuwa. Na sha buɗe dozin da aka rubuta auduga zalla, in taɓa in ji roba. Saboda haka hannu da ido su yi nasu aikin. Ka damƙe yadin a tafin hannu ka ƙirga goma ka saki: auduga za ta yamutse ta zauna a haka, roba za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba. Ka ɗaga shi sama ka duba ta hasken rana. Singileti ko gajeren wandon da ya dace da Legas, haske yana ratsa shi. Sannan ka kara shi a baki ka hura. In ba ka ji iskar a bayan hannunka ba, gumi ma ba zai samu hanya ba.

Gwajin ruwa ya fi duka amfani ga safa. Ka ɗiga ɗigo ɗaya na fiya wata a cikin safar, ta wajen da zai taɓa fata. In ɗigon ya tsaya dunƙule yana kallonka, ajiye ta. In ya nutse a wuri guda ya bar tabo mai nauyi, auduga ce. In ya bazu da sauri ya yi faɗi har ya ɓullo ta baya, wannan ita ce mai janye gumi. Abin lura ɗaya: sabuwar auduga wani lokaci takan ƙi ruwa saboda sinadarin da aka shafa mata a masana'anta, sai an wanke ta sau ɗaya take nuna halinta.

Wanda zai sari da yawa, ya sayi ɗaya tukuna ya je gida ya gwada da ashana. A zare 'yan silin zare daga cikin ɗinki, a riƙe da cokali mai yatsu a kan faranti, nesa da yara da tukunyar gas. Auduga tana ci da sauri, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyesta yana gudun wuta yana narkewa, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar dunƙule mai tauri wanda yatsa ba ya murƙushewa. Ulu yana warin ƙonannen gashi. In ka ga toka da dunƙule tare, gauraye ne. Biskos kam kamar auduga yake ci, ashana ba ta raba su, sai dai santsinsa da sanyinsa a hannu.

Na ƙarshe, ka juya safar ka shafa ɗinkin da ya ratsa kan yatsu. In ya yi tudu kamar igiya, cikin takalmi mai ƙarfe a baki zai ci maka fata. Ka kuma ja bakin safar ka gani. Wadda za ta bar maka zane mai zurfi a ƙwauri da yamma ta matse da yawa.

Yadda muka yi da ƙafar ƙanena

Ƙanena ya zo daga gida ya samu aiki a wani sito a wajajen Ikeja. Bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, dole cikin but mai ƙarfe a baki, ga hawa da sauka da kwalaye. Ya zo da safa ƙafa uku, farare masu kauri, auduga zalla, domin haka aka ce masa a gida. Da azahar ya cire ya yi alwala, ya mayar da ɗanyar ƙafa cikin ɗanyar safa. Da la'asar ma haka. Da dare ya wanke ya rataya a bayan ƙofa, da asuba ya ɗauki wadda ta fi kusa da bushewa.

Bai cika wata biyu ba ya zo shago yana ɗingishi. Ya ce, “Yaya, ƙafata ce ta lalace, kuma abokan ɗakina sun fara ƙorafin wari.” Na ce ya cire in gani. Tsakanin ƙaramin yatsa da mai bi masa fata ta yi fari tana saɓulewa, ga tsaga ja a tsakiya. Cin ruwa ne sosai. Ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa matsematsinsa ma ya fara ƙaiƙayi, har ya sayi wani man shafawa a kemis, irin mai haɗin magani uku, ya lafa kwana huɗu sannan ya dawo ya fi da faɗi.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Cin ruwa da ƙaiƙayin matsematsi mai zagaye irin ƙwayar cuta ɗaya ce ke kawo su, dangin fumfuna, ita ce kuma ke kawo makero. Tana son ɗumi da laima da duhu. Daga ƙafa take hawa sama, sau da yawa ta jikin gajeren wando lokacin da aka zura ƙafa a ciki, ko ta tawul. Man nan mai haɗi kuwa yana ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi da ja amma ya bar ƙwayar ta yaɗu a ɓoye.

Abu na farko da muka yi lissafi ne, ba zaɓen yadi ba. Mutumin da zai yi awa 12 cikin but yana bukatar safa biyu a rana, ɗaya daga safe zuwa azahar, ɗaya daga azahar zuwa tashi. Da damina, a ɗakin da rana ba ta shiga, safa mai kauri takan kwana biyu ba ta bushe ba. Ke nan biyu a ƙafa da jaka, biyu a igiya tun jiya, biyu tun shekaranjiya: ƙafa 6 ne mafi ƙaranci. Na ba shi 8, domin ranar da ruwa ya wuni ko gajiya ta hana wanki.

Sai yadi. Na zaɓar masa safar 'yan wasa wadda yawancinta foliyesta ne da nailan da ɗan ilasten, mai ɗan tudu a tafi da diddige, samanta kuma saƙar raga. Tudun yana rage gugar but, ragar tana barin zafi ya fita ta sama. Dogayen na ba shi, waɗanda suka wuce bakin but ɗin, domin gumin da aka janye sai ya samu inda zai bi ya fita. Gajeriyar safa a cikin dogon takalmi ba ta da inda za ta kai shi. Da a ce da hali, siririyar safar ulu mai laushi da ake kira marino ta fi, don tana ɗaukar gumi mai yawa ba ta yi sanyin jiƙa ba, kuma ba ta wari kamar roba. Mutanenmu suna jin ulu sai su tuna rigar sanyi, alhali kaurin saƙa ne ke kawo zafi. Tana da tsada kuma ba ta cika samuwa ba, sai dai wani lokaci a ci karo da sababbi cikin dilar gwanjo a kasuwar Katangowa, har da takardarsu ba a cire ba.

Daga nan sai alwala, wadda a ganina ita ce rabin matsalar ƙafar Bahaushe mai sa takalmi a garin nan. Na yanka masa ƙaramin tawul gida biyu, na ce na ƙafa ne kaɗai, kada ya taɓa wani wuri da shi. In ya idar da sallar azahar, ya goge tsakanin kowane yatsa, ya bar ƙafar a silifas ko minti biyar ne, sannan ya sa sabuwar safa. Wadda ya cire ta shiga leda daban. Da safe kuma ya fara sa safa kafin gajeren wando, don kada ƙafar ta goga a jikinsa.

Takalmin shi ne ya ba mu wahala. But ɗin da aka wuni a ciki yana son kwana da wuni kafin ya bushe, shi kuma guda ɗaya aka ba shi. Kafin ya tara kuɗin na biyu, dabarar ita ce ya zare shimfiɗar ciki kowane dare ya jingine ta daban, ya kwance igiya ya buɗe bakin sosai, ya cusa tsohuwar jarida, bayan awa biyu ya cire ta ya ajiye takalmin gaban fanka. Safa mai kyau cikin jiƙaƙƙen takalmi asarar kuɗi ce.

Magani kuwa na tura shi wurin ƙwararren mai haɗa magunguna, aka ba shi kulotirimazol zalla, ba mai haɗi ba, safe da dare. Irin wannan ana shafa shi mako biyu zuwa huɗu, kuma ba a dainawa ranar da ƙaiƙayi ya tsaya. Cikin mako guda tsagar ta rufe, wari ya ragu. Ya daina shafawa, kamar yadda kowa ke yi, cin ruwan ya dawo. Karo na biyu ya cika kwanakin.

Ba kowa ne ke bukatar wannan tsarin duka ba. Ma'aikacin ofis mai sau-ciki na fata, wanda ke zaune cikin sanyin na'ura, safar da auduga ta fi yawa a ciki, kamar kashi 70 zuwa 80 da sauran nailan, ta ishe shi, ya dai riƙe ta canji a jaka. Masu aiki cikin takalmin roba, irin 'yan'uwanmu da ke sauke kayan gwari a kasuwar Mil 12 da damina, nasu daban ne. Roba ba ta barin komai ya fita, don haka dabarar janye gumi ba ta da inda za ta kai shi. Su safa mai kauri mai sha ta fi musu, a riƙa canzawa da zarar ta jiƙe, a kuma cire takalmin duk lokacin da aka samu sarari. In ka ga tafin ƙafa ya yi ƙananan ramuka kamar an tsira da tsinke, ga wari mai ƙarfi, wannan ba cin ruwa ba ne, wata ƙwayar ce daban, maganin cin ruwa ba ya yi mata, sai an je asibiti. Mai ciwon suga kuma kada ya yi wa tsagar ƙafa maganin gida ko kaɗan. Shi farar safa marar matsi marar tudun ɗinki ya kamace shi, don jini ko ruwan ciwo ya nuna a jiki ko da bai ji zafi ba.

Mataki na uku: kayan ciki

A nan auduga ta dawo kan kujerarta, saboda ƙarƙashin kaftani ko zane iska tana ɗan zagayawa, fatar wurin kuma ba ta son gugar roba. Abin dubawa kauri ne da ɗinki. Ga mai yawan zama, direba ko mai shago ko ɗan canji, sakakken gajeren wando na siririn yadin auduga ya fi, irin wanda ba ya miƙewa. Tela ma zai ɗinka maka shi da farin yadi marar kauri. Ga mai yawan tafiya wanda cinyoyinsa ke gugar juna kuwa, sakakke ba ya hana saɓa. Gara mai ɗan kama jiki wanda ya sauko rabin cinya, auduga ko modal kashi 95 da ilasten kashi 5. Ka ɗauki wanda ya ɗara girmanka kaɗan, domin auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko.

Singileti ma haka. Wasu suna barinsa wai don zafi, sai ka ga shadda ta manne a baya, gishirin gumi ya zana taswira. Siririn singiletin auduga yana tare wannan. In ya jiƙe sharkaf da rana, canji ne maganinsa.

Na mata, uwargidana ce ke tsayawa a wannan ɓangaren na shago, kuma abin da take fara dubawa a kamfai shi ne ƙyallen tsakiya. Ko da sauran jikin leshi ne ko mai santsi, wannan ƙyallen ya zama auduga, fari in da hali, mai faɗi. Na taɓa jin tana ce wa wata, “Hajiya, kamfan auduga kika saya, amma kin ɗora masa matsattsen wandon roba, ga siket mai shafi, ga hijabi har ƙasa. Ta ina iska za ta shiga?” Gaskiyarta. Hawa nawa aka jera ya fi sunan yadin tasiri. Rigar mama mai soso tana tara gumi a ƙasan ƙirji, inda fata ke haɗuwa da fata, wurin ya yi ja ya riƙa zafi. Ta auduga marar soso ta fi don zaman gida da kasuwa. Da dare a sake jiki, a kwana da sakakkun kaya. Ƙaiƙayi mai zuwa da fitar ruwa ko wari kuwa ba canjin kamfai ke maganinsa ba, na likita ne.

Kamfai da gajeren wando na gwanjo da wani ya riga ya sa, ni ba na sayarwa, ba na kuma ba da shawara.

Mataki na huɗu: in fata ba ta jure komai

Mai irin wannan fata ya koyi karanta ƙurajensa, domin siffarsu tana faɗin mai laifi. In ja da ƙaiƙayi sun bi layi guda daidai inda lastik ke zama, a ƙugu ko bakin safa, roba ce ko sinadaran da ake haɗa ta da su. In sun fito a inda baƙin yadi ko shuɗi mai santsi ya matse kuma ake gumi, kamar cikin cinya da gefen hammata, a zargi rini. Rinin da ake yi wa foliyesta da nailan yakan saki in gumi ya jiƙa shi, kuma sananne ne wajen tayar da fata. In ɗan tabo ne guda a tsakiyar baya daidai maɗaurin rigar mama, ƙarfen ne, yawanci nikel. Ƙananan ƙuraje birjik masu tsikari a baya da ƙirji, ƙurajen zafi ne, iska suke so. Wanda ya yi zagaye, bakinsa ya yi tudu yana faɗaɗa, tsakiyarsa na washewa, wannan dangin makero ne.

Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. Mako biyu a koma farar auduga zalla wadda ba a rina ba. A maimakon lastik, tela ya yi kalmasa a zura mazagi, kamar wandon kakanninmu, ko a nemi wanda aka rufe lastik ɗinsa cikin yadi ba ya taɓa fata. A yanke ƙyallen rubutun da ke sukar baya, in ɗinki na damu a juya kayan a sa a bai-bai. In fata ta lafa, sai a riƙa dawo da tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, kwana uku uku, har a kama wanda ke tayar da ita. In mako biyu sun wuce ba sauƙi, ba yadi ba ne, a nemi likitan fata.

Sabon kaya kuma ba a sa shi daga leda. A wanke tukuna, don akwai ragowar rini da sinadarin hana yamutsewa a jiki. Mai launi, a jiƙa farin ƙyalle a goga masa. In ƙyallen ya ɗauki launi, fatarka ma za ta ɗauka.

Mataki na biyar: wanki da shanya

Sau da yawa wanda ya ce yadi ne ke sa shi ƙaiƙayi, omo ne bai fita ba. Inda ake sayen ruwa jarka jarka wurin mai kura, ɗauraya ɗaya ake yi a matse. Kayan ciki suna son omo kaɗan da ɗauraya biyu ko uku, har ruwa ya daina santsi. Ruwan ƙamshin nan mai sa laushi a bar shi: yana lulluɓe zare ya rage masa shan gumi, ƙamshin kansa kuma yana tayar wa wasu fata. Bilic yana cinye lastik.

Mai cin ruwa ya ware safarsa daga gajeren wando, ya juya ta bai-bai kafin wanki. Ruwan sanyi ba ya kashe ƙwayar, sai zafi ya kai wajen digiri 60. Ba sai da ma'auni ba: ruwan tanki a Legas yana kusa da digiri 28, in ka haɗa tafasasshe da shi daidai wa daida za ka samu sittin da 'yan kai. A zuba safar a rufe bokitin rabin awa, sannan a wanke. Lastik zai ɗan rage kwana, amma ya fi a yi ta sayen magani. Ulu ne kawai ba a yi wa haka, don tsukewa yake yi.

Kafin shanya, a shimfiɗa kayan cikin busasshen tawul a naɗe a murɗa; ruwan da tawul ya kwashe yana rage awoyi. A rataya a igiya inda rana ko iska ke bugawa, ba a bayan ƙofar banɗaki ba. Kada a shanya a ƙasa ko kan ciyawa. Akwai wani ƙuda a wannan yanki da ke yin ƙwai a jikin ɗanyen tufa, musamman wanda aka baza a ƙasa cikin inuwa, tsutsar ta shiga fata ta yi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Guga tana kashe ƙwan, tana kuma ƙarasa busar da abin da damina ta hana bushewa. In an kawo wuta, a bi auduga da dutsen guga ciki da waje, a dage kan ɗinki da kalmasa inda laima ke ɓuya, a kauce wa lastik. Na roba kuma a rage zafin dutsen sosai, ko a ɗora ƙyalle a kai, in ba haka ba zai narke ya manne. Kafin ka ninke ka sa a jaka, ka kara safar a kumatu: in ka ji sanyi, ba ta bushe ba, mayar da ita igiya.